Takardar Neman Aikin Magatakardar Ofis

Unguwar Gyaɗi-Gyaɗi,
Kano.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Manaja,
Sashen Kula da Ma'aikata.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin neman gurbin magatakarda da kamfaninku ya sanar a makon jiya.

Sunana Hauwa'u Sani Garba. Na kammala digiri a fannin harkokin kasuwanci a Jami'ar Bayero a 2023, kuma na gama hidimar ƙasa a bana, a wata makarantar sakandare da ke Jihar Jigawa.

Wannan ne aikin ofis na farko da nake nema, amma takardu ba baƙina ba ne. A lokacin hidimar ƙasa, bayan koyarwa, shugabar makarantar ta ɗora mini kula da rajistar ɗalibai. Na tarar da ita a littattafai, wasu har sun fara yagewa, sai na kwashe ta zuwa Excel aji-aji. Sakamakon jarrabawa da a da ake kwanaki ana haɗawa ya koma aikin yini ɗaya. A nan na gane cewa irin aikin da raina yake so ke nan.

Ina buga wasiƙa da Hausa da Turanci, na iya amfani da Word, kuma ina riƙe sirrin wurin aiki. Abin da ban sani ba, zan tambaya in koya.

Na haɗo da kwafin takardun shaidata. A shirye nake in zo ganawa duk ranar da kuka sa.

Na gode.

Taku mai biyayya,
Hauwa'u Sani Garba