Amsa ga mai tambaya: ɓacin ran gabanin al'ada ne, ko ciwo ne da ke buƙatar magani?

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki sau biyu. Kin ce shekarunki 32, al'adarki tana zuwa duk bayan kwana 28 ko 29, kuma sama da shekara guda ke nan kina lura cewa kwana tara ko goma kafin ki ga jini sai ki koma wata mace daban. Ƙaramin abu ya sa ki kuka, ki yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, barci ya ƙaurace miki, ki rasa natsuwar yin aikin da kika saba yi ido rufe. Sau biyu kin rubuta takardar ajiye aiki, jini na zuwa kika yage ta. Maigidanki yana cewa duk mata haka suke, yayarki kuma tana cewa ki ƙara haƙuri. Tambayarki ita ce: haka ne, ko kuwa akwai abin da ya kamata likita ya duba?

Maigidanki ya faɗi rabin gaskiya. Yawancin mata masu al'ada suna jin wani sauyi kafin zuwanta: nono ya yi nauyi, ciki ya kumbura, rai ya riƙa saurin ɓaci, a ji kwaɗayin ci ko kasala. Idan abin ya ɗan yi yawa har yana damun mace, likitoci na kiran sa PMS. Mai irin wannan tana jin jiki, amma tana tafiyar da harkokinta. Ta je aiki, ta yi faɗa ta shirya, ta san abin zai wuce, kuma ya wuce ba tare da ya bar ɓarna a baya ba.

Sauran rabin shi ne bai sani ba. Akwai wani ciwo na matsanancin ɓacin ran gabanin al'ada da ake taƙaita sunansa da PMDD, wanda yake kama mata kaɗan, kimanin 2 zuwa 5 cikin kowace 100 idan aka tsananta wajen tantancewa. A shekarar 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin kundinta na DSM-5 a matsayin ciwo mai zaman kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi cikin kundin cututtuka na ICD-11 wanda ya fara aiki a 2022. Na kawo wannan ne domin ki daina zargin kanki da rashin haƙuri. Ciwo ne mai suna, mai sharuɗɗan ganewa, mai magani.

Abu uku muke dubawa: irin alamomin, lokacin da suke zuwa, da ɓarnar da suke yi.

A ɓangaren alamomi, akwai guda 11, kuma sai an samu aƙalla 5 kafin a ambaci PMDD. Huɗu daga ciki su ne ginshiƙi, dole a samu ɗaya ko fiye: rai ya riƙa juyawa farat ɗaya, yanzu dariya an jima kuka, ko jin an ƙi ki a kan magana ƙarama, fushi da yawan saɓani da mutane, baƙin ciki mai nauyi da yanke ƙauna da raina kai, sai fargaba da jin kamar an ɗaure ki tamau. Ragowar bakwai ɗin su ne rasa sha'awar abubuwan da kika saba so, kasa tattara hankali, gajiya, sauyin cin abinci, yawan barci ko rashinsa, jin komai ya fi ƙarfinki, da ciwukan jiki irin su nauyin nono, kumburi da ciwon gaɓoɓi. Ki lura, duk ciwukan jikin nan alama ɗaya tak ake ƙirga su. Macen da nono da baya da ciki ke damun ta ƙwarai amma ranta kwance yake, tana buƙatar kulawa, sai dai ba PMDD ke gare ta ba.

Maganar lokaci ita ce na fi so ki riƙe, domin a nan ake yawan kuskure, har mu likitoci. Alamomin PMDD suna bayyana ne bayan fitar ƙwai, su tsananta a makon ƙarshe kafin jini, su fara sauƙi cikin 'yan kwanaki da zuwansa, sannan a makon da ke bin bayan al'ada su ɓace ko su kusa ɓacewa. Wannan mako na sararawa shi ne babbar shaida. Shi ya sa idan mace ta zauna gabana, nakan fi tambayar ta kwanakinta masu daɗi. Akwai mako guda cikakke a wata da kike jin kin dawo kanki? Idan ta ce e, hankalina ya karkata ga PMDD. Idan ta yi shiru ta ce gaskiya kullum a cikin ƙunci take, sai dai gabanin al'ada ya ninka, to mai yiwuwa ciwon damuwa ne ko na fargaba da ke nan duk wata, al'ada tana ƙara masa wuta kawai. Wannan ma yana buƙatar magani, amma tsarinsa daban ne, ba a shan maganinsa rabin wata a ajiye.

Daga nan sai ɓarna. Takardar ajiye aikin da kika rubuta sau biyu ta fi komai ja mini hankali a wasiƙarki. PMS yana sa mace ta ji ba daɗi. PMDD yana taɓa aikinta, aurenta da zamanta da 'ya'yanta, ya bar ta tana ɓata rabin wata wajen gyara abin da ta rushe a ɗaya rabin. Mata da yawa sun ce mini kunyar da ke biyo baya ta fi fushin kansa ciwo.

Duk da haka ba zan ce miki kina da PMDD daga wasiƙa ba, ko da kina gabana ma ba zan yanke a zama ɗaya ba. Ƙwaƙwalwa tana yaudarar mutum: idan kin yi mummunar rana ana jibi al'ada za ki tuna, idan kin yi irinta a tsakiyar wata sai ki ɗora wa wani abu ki manta. Mata da dama da suka zo da tabbacin cewa al'ada ce sanadi, da aka bi diddigi a rubuce sai aka ga abin ba ya bin kwanakinta. Don haka ƙa'ida ita ce a rubuta kullum na tsawon zagaye biyu na al'ada aƙalla. Ki samu littafi, ki ja layi. Kowane dare kafin ki kwanta ki ba wa fushi, baƙin ciki, fargaba, juyawar rai, barci, gajiya da ciwon jiki maki daga 1 zuwa 6, inda 1 ke nufin babu, 6 kuma ya kai maƙura. Ki ƙara layi guda na yadda ranar ta shafi aikinki da mu'amalarki, ki sa alama a ranakun jini. Kada ki bari sai ƙarshen mako ki cike daga ka, kuma kada ki tsallake ranakun da kike lafiya, su ne suka fi amfani. Minti biyu ya ishe ki.

Wataƙila ki ce me zai hana a ɗebi jini kawai a auna sinadaran jiki. Ba zai nuna komai ba. Masu PMDD yawan isturojin da furojestaron ɗinsu, wato sinadaran da ke tafiyar da al'ada, daidai yake da na sauran mata. Bambancin yana ga yadda ƙwaƙwalwarsu ke amsa hawa da saukar waɗannan sinadarai bayan fitar ƙwai, musamman ta hanyar sirotonin, sinadarin ƙwaƙwalwa da ke shafar yanayin rai, da wani sinadari da jiki ke samarwa daga furojestaron. Shi ya sa ciwon ke lafawa lokacin goyon ciki, ya kuma tafi bayan daina al'ada. Gwajin jinin da likita zai iya nema na kawar da wasu abubuwa ne masu kama da shi, kamar ƙarancin jini ko matsalar tayirod, wato halittar nan ta maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo.

Idan littafinki ya nuna PMS ne mai sauƙi, sau da yawa motsa jiki a kai a kai, isasshen barci da rage shan abubuwa masu kafeyin suna wadatarwa. Akwai shaidar cewa kalsiyam, kimanin miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, yana rage wa wasu. Sanin kwanakin ma kansa taimako ne: kada ki sa muhimmiyar shawara ko zance mai zafi a makon da kika san ranki a kusa yake.

Idan kuwa PMDD ne, waɗannan kaɗai ba safai suke isa ba, kuma ba na son a yi ta jan mace da shawarar motsa jiki shekara da shekaru alhali tana shan wuya. Maganin da ake fara bayarwa rukunin SSRI ne, waɗanda ake ba masu ciwon damuwa. Kada sunan ya razana ki. Abin sha'awa shi ne a ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin su yi aiki, a PMDD kuwa cikin kwanaki ake ganin sauƙi. Saboda haka ana iya shan su kullum, ana kuma iya shan su a kwana 14 na ƙarshe kafin al'ada kawai. Sukan kawo tashin zuciya a farko, wasu kuma su rage musu sha'awa, ki faɗa wa likita idan hakan ta faru domin akwai gyara. Hanya ta biyu ita ce wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa da ke hana fitar ƙwai, amma ba kowace mace suka dace da ita ba, misali mai tarihin gudajin jini, ko mai shan taba da ta haura shekara 35, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido. Zama da masanin halayyar ɗan'adam don koyon sarrafa tunani yana taimakawa, shi kaɗai ko tare da magani. Allurar da ke dakatar da aikin ƙwai gaba ɗaya, balle tiyata, sai komai ya faskara, kuma a hannun ƙwararren likitan mata.

Kada ki sayi ɗaya daga cikin waɗannan da kanki. Ki sanar da likita idan kina neman haihuwa ko kina shayarwa. Ki kuma gaya masa idan kin taɓa yin kwanaki kina cike da kuzari fiye da kima, ba kya jin barci, kina yawan magana da kashe kuɗi ba lissafi, domin wannan na iya nuna wani ciwon daban wanda SSRI kan tayar da shi.

Akwai abu guda da ba ya jiran wata biyu. Ba ki ambace shi ba, amma zan tambaye ki kai tsaye kamar yadda nake tambayar kowace mai irin ƙorafinki: a cikin waɗannan kwanaki, kin taɓa jin gara ki mutu, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki? Masu PMDD sun fi sauran mata fuskantar wannan haɗari. Idan amsar e ce, ki ajiye maganar littafi, ki gaya wa wani da kika amince da shi yau, ku tafi asibiti tare, ko da kina da yaƙinin zai wuce idan jini ya zo.

In ba haka ba, ki fara rubutun daren yau, ba sai kin jira farkon al'ada ba. Bayan zagaye biyu ki ɗauki littafin ki kai wa likita, kuma idan maigidan zai yarda ya raka ki, ki buɗe masa shafukan ya ga lambobin da idonsa. Allah ya ba ki lafiya.