Neman farashin siminti, rodi da wayar ɗauri

17 ga Fabrairu

Zuwa ga Manajan Sayarwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi.

Muna gina azuzuwa takwas, huɗu a ƙasa huɗu a sama, kuma aiki ya kai ga ɗaura ginshiƙai da shirin zuba kankaren bene. Farashin kayan da za su kai mu ƙarshen wannan zango muke nema daga wurinku. Na tsawaita takardar da gangan, domin amsa ɗaya daga gare ku ta wadatar, kada mu yi mako guda muna bugo waya ana cewa bari a tambayi mai sito.

Ga abin da muke so:

Siminti mai lamba 42.5, buhu mai kilo 50, buhu 900.
Siminti mai lamba 32.5, buhu mai kilo 50, buhu 400.
Rodi mai kaurin milimita 16, tan 6.
Rodi mai milimita 12, tan 8.
Rodi mai milimita 10, tan 3.
Wayar ɗauri, bandir 10. Ku faɗi nauyin bandir ɗaya, don ba duka ne nauyinsu ɗaya ba.

Simintin 42.5 na ginshiƙai ne da bene, injiniyanmu kuma ba zai karɓi madadinsa ba, ko da an ce ai kusan ɗaya ne. Na 32.5 na jera bulo ne da filasta. Ku rubuta sunan kamfanin da ya yi kowanne. Kada ranar da aka buga a jikin buhu ta wuce makonni shida kafin ranar kawowa, kuma buhun da ya sha danshi har ya fara dunƙulewa zai koma a motar da ta kawo shi.

A kan rodi zan ɗan tsaya, domin nan muka taɓa shan wuya. Bara mun sayi rodin da aka ce mana mai 12 ne daga wani dila. Da injiniya ya yanki mita ɗaya ya ɗora a sikeli, sai ya ga bai kai kilo 0.8 ba, alhali rodi mai 12 na gaskiya kilo 0.888 ne a mita. Muka ja tef, tsawon ma ya gaza mita 12 da kusan taƙi ɗaya. Kafin mu ankara an riga an yanka rabi an lanƙwasa, ba halin mayarwa. Ban faɗi wannan don zarginku ba, sai don ku san yadda za mu karɓi kaya. Rodi mai zane muke so, kowanne mita 12 cif, kuma a miƙe, musamman mai 16, kada a naɗe shi biyu don ya shiga mota. A lissafinmu tan ɗaya na mai 16 yana ba da rodi 52 ko 53, na mai 12 wajen 94, na mai 10 wajen 135. Ku ba mu farashi a kan tan, sannan ku rubuta rodi nawa kuke ƙirgawa a tan ɗaya na kowane kauri. Idan adadinku ya zarce waɗannan sosai, to rodin siriri ne, gara mu sani tun yanzu. Ku haɗo da takardar gwajin masana'anta mai nuna ƙarfin ƙarfen. Ɗan jan tsatsa na sama ba komai ba ne, amma ban da wanda ya fara ɓarewa.

Batun farashi kuwa, muna son kuɗin kaya a ajiye a filin aikinmu, ba a bakin sitonku ba. Ku nuna kuɗin buhu ɗaya, tan ɗaya da bandir ɗaya, da jimillar kowane layi, sannan kuɗin mota da na lodi da na saukewa kowanne a layinsa, haraji ma a layinsa, sai jimilla gaba ɗaya a ƙasa. Duk abin da bai fito a takardarku ba, za mu ɗauka yana cikin farashi, kada daga baya direba ya tsaya a bakin ƙofa yana neman na 'yan dako. Idan akwai rangwamen sari, ku cire shi a fili mu gani. Ku faɗa mana kuma ko farashin zai canja idan simintin ya ƙaru ko ya ragu da buhu 100, don awon injiniya kan ɗan motsa.

Ba a tashi ɗaya za a kawo kayan ba, saboda rumfar ajiyarmu ba ta ɗaukar fiye da buhu 600, kuma ba ma son siminti ya kwana da yawa. Zuwa 10 ga Maris muna son rodin duka da waya da buhu 300 na 42.5. Zuwa 24 ga Maris sai ragowar buhu 600 na 42.5. Wannan ranar ita ce ba ta ɗaguwa: 27 ga Maris za mu zuba bene, mun riga mun kama hayar injin kwaɓa da leburori, kuma kankaren bene in aka fara ba a tsayawa sai an gama. Buhu 400 na 32.5 sai 28 ga Afrilu, shi kam ko ya yi jinkirin kwana biyu ba laifi. Idan akwai ranar da ba za ku iya cikawa ba, ku faɗi wadda za ku iya. Gaskiyar rana ta fi mana amfani a kan alkawarin da zai bar mu da leburori a zaune.

Filin yana da nisan kilomita 38 daga sitonku, taswirar hanya tana liƙe da wannan takarda. Kilomita 2 na ƙarshe babu kwalta, akwai kuma wata kwalbati da ba mu yarda a bi ta kanta da lodin da ya wuce tan 18 ba. Ke nan buhu 600 ba zai zo a tirela ɗaya ba, sai a raba shi mota biyu, haka ma buhu 400. Da na ƙirga, sahu shida ya kama gaba ɗaya. Ku yi lissafin kuɗin mota a kan haka, ko ku gyara mini idan kuna da dabarar da ta fi. Muna karɓar kaya daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma, a sanar da mu kwana ɗaya kafin mota ta taso. Mai kula da sitonmu zai ƙirga a gaban direbanku, su sa hannu tare. Abin da ya fashe ko ya jiƙe a hanya naku ne har sai an sa hannun nan, don haka a rufe siminti da tamfol.

Ga yadda muke son biya: kashi 40 cikin 100 kafin alƙalami ranar da muka ba da oda, ragowar kuma kashi-kashi, cikin kwana 7 bayan kowace kawowa, ta banki, zuwa asusu mai sunan kamfaninku. Idan tsarinku daban ne, ku rubuta shi. Abu ɗaya da nake son amsa a kansa ƙarara: in mun biya kafin alƙalami, farashin ya tsaya ke nan har kayan Afrilu, ko na kason ƙarshe zai bi kasuwa? Ko wanne ne za mu iya zama da shi, muddin yana rubuce.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan takarda ta je wurin dillalai uku. Za mu karɓi amsa har zuwa 24 ga Fabrairu, mu ba da oda ranar 28, saboda haka farashinku ya kasance yana aiki aƙalla zuwa 5 ga Maris. Ku aiko a takarda mai tambarin kamfani da sa hannu, tare da suna da lambar wayar mutum ɗaya da za mu riƙa nema a kan lodi. Idan wani abu bai fito sarai ba, lambata tana saman wannan takarda, a kira ni kafin a rubuta amsa.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Jami'in Sayayya