Gyararrakina a kan logfirem ɗin furofozal na karatun yara

Salamu alaikum Malama, barka da aiki, ya gajiyar rubutu. Na zauna jiya da daddare na karanta furofozal ɗin daga farko har ƙarshe, bayanin matsala ya fito sosai, shafi na 3 zuwa na 6 ban taɓa ko waƙafi ba, amma da na iso kan teburin logfirem, wato wanda ke jera ayyuka da autfut da sakamako da buri, a shafi na 14 sai na ga akwai aiki a gabanmu, shi ya sa na ce gara in rubuto miki a tsanake maimakon in cika fayil ɗin da jan alƙalami ki rasa ta inda za ki fara.

Yadda na bi shi shi ne yadda masu tantancewa suke bi, daga ƙasa zuwa sama, ina cewa idan an yi wannan, to wannan zai samu, idan wannan ya samu, to na samansa zai samu. Tun 1969 da aka ƙirƙiro wannan teburi don USAID abin da ake nema da shi ke nan, kowane layi ya ɗauki na samansa. Namu daga ayyuka zuwa autfut yana tafiya lafiya in ban da wuri ɗaya ko biyu, daga autfut zuwa sakamako ya fara ɗingishi, daga sakamako zuwa babban buri kuwa igiyar ta tsinke gaba ɗaya.

Bari in fara da burin tunda nan ne babbar matsalar. Kin rubuta "rage yawan yara mata da ke barin makaranta kafin kammala firamare". Sai sakamakon da ke ƙarƙashinsa ya ce "ingantuwar iya karatun yara 'yan aji 1 zuwa 3 a makarantu 40". Malama waɗannan aiki biyu ne daban. Na ɗaya a kan 'yan mata ne da zamansu a makaranta har aji 6, na biyu a kan duk yara ne maza da mata da iya karatu a ƙananan azuzuwa. Na san za ki ce ai yarinyar da ta iya karatu ta fi zama a makaranta, kuma ban musa ba, sai dai ba mu faɗi haka a ko'ina cikin takardar ba, kuma a shafi na 4 da kanki kin lissafa dalilan barin makaranta, nisa da aikin gida da rashin banɗaki, babu ɗaya daga cikinsu da ayyukanmu suka taɓa. Sannan aikin wata 24 ne, yarinyar da take aji 3 ranar da muka fara tana aji 5 za mu tattara kayanmu, to da me za mu nuna ta kammala? Ina zargin an ɗauko jimlar ne daga takardar kiran dona don a nuna mun dace da abin da suke so, kowa yana yi, ni ma na yi, amma masu karantawa suna ganewa nan take. Shawarata a mayar da burin kan karatu, misali "ƙarin yara maza da mata da ke kammala aji 3 suna iya karatu da fahimta", wannan ya hau kan manufa ta 4 ta muradun ci gaba mai ɗorewa kai tsaye, ma'auninta na 4.1.1 ma a kan iya karatu da lissafi yake magana. Maganar 'yan mata ba za ta ɓace ba, sai mu rarraba kowane ma'auni maza daban mata daban.

Sakamakon shi kansa jimlarsa ta yi, indiketocinsa ne ba nasa ba. Na farko "yawan malaman da aka horar, 240", na biyu "yawan littattafan da aka raba, 12,000". Waɗannan ƙidayar abin da mu muka yi ne, wurinsu layin autfut, kuma na ga suna can ɗin ma, wato an kwafo su ne aka manna sau biyu. Za mu iya horar da malamai 240 cif, mu raba littattafan har da ƙari, a ɗau hoto a sa hannu a takardar halarta, kuma ba yaro ɗaya da ya iya haɗa baƙi da wasali, amma a takarda mun cika sakamako ɗari bisa ɗari. Abin da layin nan yake buƙata shi ne ma'aunin da ya kalli yaron, kamar "kason 'yan aji 3 da ke karanta gajeren labari su amsa tambayoyi a kansa daidai", ko yawan kalmomin da yaro ke karantawa daidai a minti ɗaya, irin yadda ake yi a gwajin EGRA. In kuwa mun zaɓi wannan to sai mun biya kuɗinsa, domin gwaji ne na yaro ɗaya bayan ɗaya, yana son masu gwaji da horar da su da zirga-zirga, kuma na duba bajet ban ga layin besilayin, wato gwajin farko na sanin inda yara suke, ba sam, na tantancewar ƙarshe kawai na gani.

Wannan ya kawo ni kan indiketa na uku, wanda ya fi kusa da daidai amma shi ma da gyara, "ƙaruwar iya karatu da kashi 30". Kashi 30 daga ina? Gurbin besilayin an rubuta "za a tantance", to ba laifi ba ne a ce za a tantance a wata ukun farko, amma ba a sa tagit a kan abin da ba a san mafarinsa ba sai an faɗi dalili. Kuma ki lura da harshen, in yanzu yara 20 cikin 100 ne suke iya karatu, ƙarin kashi 30 zai iya nufin 26, zai kuma iya nufin 50 in maki 30 ake nufi a ɗora a kai, tsakanin 26 da 50 kuwa akwai tafiya, ranar rahoton ƙarshe dona zai ɗauki babbar, mu kuma mu ce ƙaramar muke nufi. A rubuta shi ƙarara, daga kaza zuwa kaza, a wane aji, zuwa wane wata.

Autfut guda huɗu ne. Na 1 da na 2, horar da malamai da raba littattafai, suna kai wa ga sakamako, sai dai na 1 an rubuta shi kamar aiki, "gudanar da bita sau 6", gudanarwa aiki ne, autfut shi ne abin da ya rage a hannu bayan an tashi daga bitar, wato malamai 240 da suka kammala horo suka kuma ci gwajin ƙarshensa. Akwai kuma rami tsakanin malami ya samu horo da yaro ya iya karatu, shi ne ko malamin yana amfani da abin a aji. Ina ganin a ƙara ƙaramin sakamako a tsakiya, "kason malaman da aka gani suna koyarwa da sabuwar hanyar yayin ziyarar aji", tunda dama akwai ziyarar masu duba makarantu a aiki na 1.4, ba sabon kuɗi ba ne, fom ɗin dubawa kawai za a tsara.

Na 3, ƙungiyoyin iyaye mata 40, shi ne maraya. Ba shi da alaƙa da karatu yadda aka rubuta shi, indiketansa "yawan tarurrukan da aka yi", kuma da alama ragowar wancan burin na 'yan mata ne. Ko dai a ba su aikin da ya shafi karatu, misali su riƙa sa yara karatu a gida da littattafan aro a kuma auna hakan, ko a cire shi. Ni da za a bi tawa a bar shi a gyara, don yana da amfani, amma ba a haka ba. Na 4 kuwa, "ƙaruwar wayewar kan al'umma game da muhimmancin ilimi", ba autfut ba ne, canji ne a zukatan mutane wanda ba ya hannunmu, kuma ba aiki ko ɗaya a ƙarƙashinsa, ba kuma layi a bajet. A goge shi kawai.

Hanyar tantancewa kusan kowane layi "rahoton aiki" aka sa. Rahotonmu ba zai zama shaidar kanmu ba a matakin sakamako, a faɗi takardar da mutum zai iya ɗauka ya duba, sakamakon gwaji, fom ɗin ziyarar aji, rajistar karɓar littattafai mai sa hannun shugaban makaranta, da wanda zai tattara da kuma sau nawa a shekara.

Ginshiƙin zato ya ɗan ba ni dariya, ki yi haƙuri, "samun kuɗi a kan lokaci" da "jajircewar ma'aikatan aiki". Na biyun ai mu ne, ba a sa abin da yake hannunka a matsayin zato. Abin da ya kamata ya zauna a nan shi ne abin da ke wajen ikonmu wanda in bai tabbata ba igiyar ta tsinke, kuma babba a wannan aikin shi ne canjin wurin aiki, in aka ɗauke rabin malaman da muka horar aka kai su wasu makarantu a shekara ta biyu shi ke nan an yi ba a yi ba. Sai yajin aiki ko rufe makarantu na dogon lokaci, sai kuma ko hukumar ilimi za ta bar sa'ar karatu a jadawalin darussa. Na malaman ma kada a tsaya a zato, a nemi yarjejeniya a rubuce da hukumar a sa ta cikin ayyuka.

Ƙananan abubuwa da na tsinta a hanya, bayani ya ce yara 9,600 logfirem ya ce 8,000, ki duba wanne ne daidai ki daidaita ko'ina har da bajet, lambobin ayyuka sun tsallake daga 2.2 zuwa 2.4, kuma indiketoci 23 sun yi yawa ga aikin da jami'in bibiya ɗaya ne tal, kowanne sai an tattara masa bayanai duk wata uku, in an cire maimaici da na autfut na 4 ina ganin za su dawo 12 ko 13.

Kada ki fara da gyaran jimloli, ki fara da burin, in shugaba ya amince a mayar da shi kan karatu sauran duk za su bi cikin awa biyu ko uku. Tunda ranar Alhamis ake rufe karɓa, ki turo min sabon teburin zuwa Talata da azahar a fayil ɗin Excel ba PDF ba don in iya taɓawa, ki kuma sa mai kula da kuɗi a kwafi saboda layin besilayin ɗin nan, sai ya nemo inda za a matso da shi. In kin ga inda na yi kuskure, musamman kan ƙungiyoyin iyaye tunda ke kika zauna da su ba ni ba, ki kira ni gobe bayan la'asar mu yi magana.