Amsar hoton da kika turo: jimla ta 3

Salamu alaikum Hadiza, ya karatu? Na ga hoton. Gefen shafin ya ɗan yi duhu, amma jimlar da kika ja wa layi ta fito:

كَتَبَتِ الطَّالِبَةُ الدَّرْسَ فِي الدَّفْتَرِ

Ana karanta ta: katabatiɗ-ɗalibatud-darsa fid-daftari. Fassarar da ke ƙarƙashinta daidai ce: "Ɗalibar ta rubuta darasin a littafin rubutun."

Abin da ya rikita ki shi ne kin jera kalmomin Hausar a kan na Larabcin ɗaya bayan ɗaya, suka ƙi haɗuwa. Ba za su haɗu ba. Mu da mai aiki muke farawa, shi kuwa Balarabe sau da yawa aikin yake sa wa gaba. Don haka kalmar farko, katabat, ita ce fi'ili, wato "ta rubuta". Asalinta kataba, "ya rubuta", sai aka ƙara mata ta mai ɗauri don a nuna mace ce ta yi aikin. Kisirar da kika gani a ƙarƙashin wannan ta ɗin ba tata ba ce. Harafin da ke biye da ita shi ma ɗaure yake, harshe kuma ba ya iya furta ɗauri biyu a jere, shi ya sa aka ba ta kisira a samu hanyar wucewa.

To, ga inda nake so ki tsaya sosai. A Hausa, gurbin kalma ne ke nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa: "Audu ya kira Bala" daban yake da "Bala ya kira Audu". A Larabci wasalin ƙarshe ne ke wannan aiki. Aɗ-ɗalibatu ta ƙare da rufu'a, ita ce fa'ili, mai rubutun. Ad-darsa ya ƙare da fataha, shi ne maf'uli, abin da aka rubuta. Ko da an juya su an ce katabatid-darsaɗ-ɗalibatu, ɗalibar ce dai ta yi rubutun, tunda rufu'arta na tare da ita. Ni a ganina wanda ya kama wannan ya sa ƙafa a ƙofar nahawu, sauran sai a hankali.

Ad-daftari kuma kisira ya samu saboda fi, harafin jarri ne, duk sunan da ya biyo bayansa sai ya ja shi.

Kin kuma tambayi lam ɗin da ake rubutawa ba a karantawa. Ɗa mai hannu da dal suna cikin haruffa 14 da ake kira shamsiyya, lam yana narkewa a cikinsu ya bar shadda.

Yanzu ki cire ɗalibar ki sa ɗalibi namiji, ki rubuta da hannunki har da wasulla, ki ɗauko min hoto. Ki gaida Umma.

Yayanki