Takardar Koke Kan Jinkirin Fitowar Katin Shaidata

Unguwar Rogo,
Jos ta Arewa, Jihar Filato.
Litinin, 18 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Shugaban Ofishin Rajistar Katin Shaida,
Ta hannun Sashen Sauraron Koke-koke,
Jos.

Yallaɓai,

KOKE: WATA GOMA DA YIN RAJISTA, BABU LAMBA, BABU KATI, BABU BAYANI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka. Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar kayan gwari a kasuwar Farin Gada, tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa, ina tura wa abokan ciniki kaya zuwa Abuja da Fatakwal da Enugu. Shekarata hamsin da huɗu. Ban taɓa rubuta wa wani ofishin gwamnati takardar koke ba, kuma wannan ma sai da na cika zuwa na tara a ofishinku kafin na zauna rubuta ta.

Na yi rajista ranar Talata, 9 ga Janairu, 2024. Ba zan manta ranar ba saboda sanyin da aka yi. Daga masallaci bayan sallar asuba na wuce kai tsaye, na tarar mutane har sun fara rubuta suna a wata takarda da aka danne da dutse a bakin ƙofa. Ni ne na talatin da ɗaya. Sai bayan azahar layi ya zo kaina. Aka ɗauki hotona, aka ɗauki zanen yatsuna goma, aka auna tsawona, na sa hannu, aka juyo mini fuskar kwamfuta na duba sunana da ranar haihuwata na ce daidai ne. Ma'aikaciyar da ta yi mini aikin, Allah ya saka mata da alheri, ta yi haƙuri da ni sosai, domin babban yatsana na dama sai da aka goga masa mai aka sake dangwalawa sau huɗu kafin na'ura ta karɓa. Ta ba ni 'yar takarda mai ɗauke da lambar bin sawu, ta ce in dawo bayan mako biyu in karɓi takardar lambata, kati kuma in sa rai cikin wata uku. A gaban mutane ta faɗa, ba ni kaɗai ta faɗa wa ba.

Zan fara da nawa laifin kafin in zo kan naku. Na makara wajen yin rajistar nan. Tun Disamban 2020 da gwamnati ta ce a haɗa layin waya da lambar shaida ya kamata in zo, sai na yi ta jan ƙafa, ina ganin tsohon katin da aka yi mana rajistarsa a 2003 zamanin Obasanjo, da katin zaɓena, sun ishe ni. Ɗana ya sayo mini layi da sunansa, na ci gaba da harkata. Wannan sakacina ne, na amsa. Amma tun da na zo na bi layi na yi duk abin da aka ce in yi, abin da ya biyo baya ba daga gare ni yake ba.

Na dawo ranar 23 ga Janairu, aka ce babu netwok. Na dawo farkon Fabrairu, aka ce bayanaina sun tafi Abuja, ba su dawo ba. Cikin azumi na zo sau biyu. A na farko babu wuta kuma babu man janareta, a na biyu aka duba aka ce har yanzu ana tantancewa. Bayan ƙaramar sallah wani ma'aikaci ya ce mini wataƙila zanen yatsuna ne bai fita da kyau ba, wai hannun masu aikin ƙarfi yakan goge. Na miƙa hannu na ce to a sake ɗauka yanzu, ga ni ga na'ura. Ya ce a'a, in aka sake sai ya zama rajista biyu, kuma rajista biyu ta fi wannan matsalar muni. A watan Yuli wani daban ya ce mini ai da alama na'ura ta ga yatsuna sun yi kama da na wani da ke cikin rumbun bayanai, don haka sai an zauna an raba mu da ido. Na tambaye shi wa zai raba, kuma yaushe, ya ɗaga kafaɗa. Sauran zuwan uku, na Agusta da Satumba da na makon jiya, amsa ɗaya ce: Baba a ƙara haƙuri.

Yallaɓai, a nan kokena yake. Ban ce aiki ba ya jinkiri ba. Ni ma nakan yi wa mutum alkawarin kwando ɗari ranar Alhamis, mota ta lalace a Akwanga, kaya su kai Asabar. Amma ina kiransa in ce masa ga inda mota take, ga abin da ya same ta, ga ranar da zai ga kayansa. Ku kuwa an ba ni dalili huɗu mabambanta, kowanne daga bakin mutum daban, babu ko ɗaya a rubuce, kuma babu wanda ya yarda ya faɗa mini sunansa ko muƙaminsa don in san wanda zan nema in na dawo. Idan yatsuna ne ba su fita ba, akwai maganinsa. Idan kama suka yi da na wani, akwai maganinsa daban. Idan kuwa bayanaina ba su taɓa barin kwamfutar ofishinku ba tun Janairu, kamar yadda wani da muka bi layi tare ya ce an gano a nasa, wannan ma magana ce daban. Yau wata goma ban san wanne ne nawa ba. Na sha danna *346# a waya ko Allah zai sa lambar ta fito, ba ta taɓa fitowa ba.

Na san yadda ake duba yatsun kowa a gwada da na sauran jama'a don kada mutum ɗaya ya mallaki lamba biyu, kuma ina ganin hikima ce. Lamba goma sha ɗaya ce, ɗaya tak ake ba mutum har ya koma ga Mahaliccinsa, dole a yi taka-tsantsan. Ba tantancewar nake ƙi ba. Abin da ban gane ba shi ne tantancewar da ba ta da ranar ƙarewa, kuma mai yatsun ba shi da ikon sanin inda aka kwana.

Ga abin da jinkirin ya jawo mini. Bankina ya taƙaita mini asusu saboda ban kawo lambar ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma tiransifa, babu mai ɗauko tsabar kuɗi daga Fatakwal ya kawo Farin Gada. Yanzu kuɗin kayana ta asusun ɗana suke shigowa. Yaron kirki ne, ban taɓa samunsa da ha'inci ba, amma ka duba mutum mai jikoki sai ya kira ɗansa a waya kafin ya biya manomi kuɗin kabeji. Wani abokin cinikina na shekara da shekaru har ya tambaye ni ko lafiya, me ya sa sunan asusun ya canza. Wanda ya san kasuwa ya san nauyin wannan tambayar.

Na biyun shi ya fi hana ni barci. Shekara shida ina tara kuɗin aikin hajji, ina zubi kaɗan-kaɗan, ina fatan in sauke farali a hajjin 2025. Kujera ba ta samuwa sai da fasfo, fasfo kuma ba ya samuwa sai da wannan lambar. Abokan tafiyata biyu sun yi nasu fasfon tun bayan babbar sallah, sun fara biyan kuɗin ajiya. Ni ina nan riƙe da 'yar takardar Janairu, wadda har ta fara yagewa a wurin ninki, sai da na kai aka manne mini ita da leda.

Kuɗin keke da asarar wuni tara na kasuwa ba zan lissafa ba. Mai tumatir dai ya san kayansa ba sa jiran gobe.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani, ko da ba don ni ba. Sau uku wasu samari da ke tsayawa a wajen get suna tare ni, suna cewa in kawo naira dubu goma sha biyar su fitar mini da lamba cikin kwana uku. Ban ce ma'aikatanku ne ba, ban kuma ga wani ma'aikaci ya karɓi ko kwabo a gabana ba, ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Ban ba su ba, domin a jikin bangon ofishinku na karanta cewa rajista kyauta ce, kuma ina tsoron a haɗa mini lambar bogi in je ofishin fasfo in ji kunya. Amma na ga wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ba su. Duk ranar da aka sallami mutum daga ciki ba tare da bayani ba, su ake tura wa ciniki.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A duba lambar bin sawuna a ba ni amsa a rubuce, da sa hannu da hatimi, cewa ga matakin da takarduna suke kuma ga abin da ya tsayar da su. In akwai abin da ya rage daga wajena, ko sake ɗaukar yatsu ne, ko takardar rantsuwar shekaru daga kotu, ko takardar shaidar ƙaramar hukuma, a faɗa mini duka a zama ɗaya, a sa mini rana, a kuma gaya mini jami'in da zan gani. In matsalar tana Abuja, a ba ni shaidar ranar da aka tura maganar can. Katin roba zan iya ƙara jiransa. Takardar lambar ita nake roƙon a fitar mini kafin ƙarshen Disamba, domin in samu in yi fasfo kan lokaci.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ofishin gwamnati kwana bakwai ya amsa wa mai neman bayani. Ni na ninka, zan jira kwana goma sha huɗu daga ranar da aka karɓi wannan takarda. In shiru ya ci gaba, zan kai maganar ofishin Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da ke nan Jos, tare da kwafin wannan takarda da jerin ranakun da na zo. Ba barazana nake yi ba, Yallaɓai, gara dai ka ji daga bakina kafin ka ji daga wani wuri.

Na haɗo da kwafin takardar rajistata ta 9 ga Janairu, da kwafin katin zaɓena, da na tsohon katin shaida, da saƙon da banki ya turo mini. Cikakken sunana da lambar wayar da za a same ni suna rubuce a bayan kwafin takardar rajistar. Na kawo takardar nan kwafi biyu, ina roƙon wanda ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ya mayar mini.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon yin adalci.

Naka mai koke,
Malam Sani Mai Gwari,
Kasuwar Farin Gada, Jos.