Littafi Mai Jan Bango

Saura mako uku a ɗauki azumi Sani ya je gidan Alhaji Mamman a Tudun Wadan Zariya, ya durƙusa ya gaishe shi, suka taɓa hira a kan tsadar kaya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Shagonsa na atamfa da ke Kasuwar Sabon Gari ya rame, kanta rabi babu kaya, ga kasuwar sallah ta doso. Alhaji abokin marigayi mahaifinsa ne, bai ja zancen ba. Ya ba shi naira miliyan 2, ba ruwa ba ƙari, a kan zai dawo da su mako biyu bayan ƙaramar sallah. Ya sa aka rubuta, mutum biyu suka shaida.

Washegari da asuba Sani ya shiga motar Kano a Kwangila. Daga Kantin Kwari ya dawo da turmin atamfa 100 da shadda ta naira 500,000.

Kasuwa ta yi albarka, wannan ba a musu. Goman ƙarshe na azumi har buɗe-baki a shago yake yi, dabino da kunun tsamiya a kan benci, mata suna ɗaga turmi suna tayawa. Kuɗi na shiga aljihun gaban rigarsa, kuma daga wannan aljihun komai ke fita. Maiɗakinsa Hadiza ta haihu, ya zaro ya sayi rago. Makarantar yara ta aiko da takarda, ya zaro. Aka sa ranar bikin ƙanwarsa, ya zaro, don shi ne babba. Inna da yara da maijego kuwa, ai ba za a ce mai shagon atamfa ya je wani wuri sayen kayan sallah ba; hannu kawai ya miƙa kan kanta.

Ranar biya ta zo, ya ƙirga ya sake ƙirgawa: naira 1,150,000. Ya kwana yana juyi, har ya fara zargin yaron shagonsa.

Da ya je wa Alhaji da kame-kame, dattijon bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Tashi mu je shagon."

Alhaji ya zauna a kan bencin, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya sa yaro ya sayo littafin rubutu guda biyu, mai shuɗin bango da mai ja. Suka ƙirga kayan da suka rage a kan kuɗin sari: 300,000. Bashin da ke hannun mutane, 180,000.

"Sauran fa?"

"Wallahi Baba, shi ne ban sani ba."

"Ka sani. Ragon suna nawa?"

"Dubu ɗari da saba'in."

"Rubuta a mai ja."

Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Makaranta 95,000. Gudummawar biki 150,000. Turmi shida na gida 90,000. Cefanen azumi, da ƙyar suka tattaro shi, 135,000. Sani ya haɗa, alƙalami na rawa a hannunsa: 640,000.

"To ka ga ɓarawon naka," in ji Alhaji. "Shagon nan bai faɗi ba, ya ci ribar 270,000. Kai ka cinye ribar, ka shiga uwa. Ni shago nake bi, shago kuma kai yake bi."

"Baba, ai shagon nawa ne."

"Kayan da ke ciki na waye?"

Sani ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya karɓi miliyan ɗaya, ya bar masa 150,000 ya juya, ya ƙara masa wa'adi zuwa bayan babbar sallah. Sharaɗinsa shi ne Sani ya yanka wa kansa kuɗin cefane, 25,000 duk Juma'a, ko sisi ba zai ɗora ba. Abin da ke cikin jan littafi kuma daga jikinsa zai fito, ba daga ciniki ba. Ƙaramin filin da ya gada a bayan Ƙofar Gayan ya so ya sayar, Alhaji ya hana, ya ce babur ya isa. Aka sayar da babur, kwasar adashinsa ta cike wani ɓangare, ya koma hawan Keke Napep zuwa kasuwa. Makon farko a gida an sha miyar kuka har yara suka fara ƙorafi.

Ana saura kwana tara babbar sallah Hadiza ta biyo ta shagon da goyo, za ta barka Samaru. Idonta ya faɗa kan wata atamfa mai ruwan zuma, ta sauke ta, ta kara a jikinta.

"Abban Ummi, wannan tawa ce."

Ya dube ta, ya dubi yaron shago da ya yi kamar yana kakkaɓe ƙura. Ya jawo jan littafi ya buɗe.

"Au, ni za ka rubuta bashi?"

"Ba ke ba. Sunana zan rubuta. 15,000 ne, kuma daga kuɗin cefanen Juma'ar nan zai fita."

Ta tsaya tana lissafin abin da zai rage na miya. Can ta ninke turmin, ta miƙa wa yaron.

"Ɓoye min shi a ƙasa. Kada ka sayar sai na zo bayan sallah."