Zuwa ga Nasiru

Assalamu alaikum, Nasiru.

Na ga ya fi dacewa in rubuto maka, domin idan muna tare nauyinka yakan hana ni magana. A cikin wata 3 da muka yi muna zance ka mutunta ni, kuma ban manta daren da ka kawo wa Hajiya magani cikin ruwan sama ba. Sai dai na auna zuciyata, na tarar ba ta kai inda taka ta kai ba, kuma zalunci ne in bar ka kana shirin turo magabata alhali na san ba zan amince ba. Ka dakatar da maganar, don Allah, kuma kada ka jira ni, domin shawarata ba za ta sauya ba. Babu laifinka a ciki.

Allah ya haɗa ka da mafi alheri.

Hauwa'u